Tambayoyi da amsoshi: nemo kayan gyaran janaretan fetur daga hoton lambar inji

Yawancin cinikin kayan janareta yanzu da hoto yake farawa. Mutum yana ƙauye ko wata unguwa mai nisa, ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin injinsa, ya tura wa mai shago a Sabon Gari ko wani ɗan'uwa da ke Legas, a saka kaya a mota. Idan kayan suka iso ba su shiga ba, an yi asarar kuɗin mota da na kaya, injin kuma yana nan a kwance. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi ƙananan janaretocin fetur masu silinda ɗaya, irin na gida da na shago.

Na ɗauki hoton sitikar da ke jikin tanki. Ta isa a nemo min kaya?

Ba ta isa ba. Janareta abu uku ne aka haɗa a kan firam ɗaya: injin da ke shan fetur, ɓangaren da ke haifar da wuta, sai firam ɗin da tanki da allon soket. Sau da yawa kowanne daga masana'anta daban ya fito, kamfanin da sunansa ke jikin tanki haɗawa ya yi ya buga fenti. Saboda haka sunan da ke tanki da lambar da ke biye da shi, irin su 2900 ko 3800 ko 6500, sunan kasuwa ne. Ba ya faɗin faɗin fistin, kuma ba lallai ya yi daidai da yawan wutar da janaretan ke bayarwa ba.

Akwai wani faranti ko sitika da ake mannawa a gefen firam ko a jikin ɓangaren wuta, mai layuka irin su Rated Power, Rated Voltage da Frequency. Wannan ya fi na tanki amfani, amma bayanin wuta yake bayarwa. Idan AVR, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, ko kafasto kake nema, shi ne na farko da za a duba. Idan kuwa kafireta ko ringi ko gasket ne, lambar injin kanta ake bukata, ita kuma a wani wurin take.

To ina lambar injin take?

A wuri biyu. Na farko sitikar da ke kan murfin fanka, wato inda igiyar ja take. A nan za ka ga manyan rubutu kamar 6.5HP ko 196cc ko OHV. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, lambar da aka buga a jikin ƙarfen bulok ɗin. Ka tsuguna ka duba ƙasan injin, kusa da inda ake zuba baƙin mai, ko gefen da wayar na'urar gane ƙarancin mai take fitowa. Za ka tarar da ɗan wuri da aka daidaita ya yi sumul, an buga haruffa da lambobi a kai, wani lokaci da ɗigo-ɗigo. Yawanci layi biyu ne: na sama samfurin inji, na ƙasa lambar wannan injin shi kaɗai.

Dalilin fifita ta jikin ƙarfe shi ne murfin fanka noti huɗu ne ke riƙe da shi. Idan ya lotse ko sitata ta lalace, bakanike zai ciro na wani mataccen inji ya ɗaura, sitikar wancan injin ta biyo shi. Bulok kuwa ba ya canzuwa sai an canza injin. Duk inda sitika da bugun ƙarfe suka saɓa, a bi bugun ƙarfe.

Yaya zan ɗauki hoton da za a iya karantawa?

Ka kashe injin ka bari ya huce. Wurin lambar kusan kullum yana cike da baƙin mai da ƙura, sai a goge da tsumma da ɗan kananzir. Sitika kuma da ruwan sabulu za a goge ta, domin fetur na iya cinye tawadar. Idan bugun bai yi zurfi ba, ka goga alli a kai ka share sama-sama da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan haruffan.

Ka kashe filashin waya. Hasken da ya doki alminiyon kai tsaye yana wanke rubutun, hoton ya fito fari fat. Ka sa wani ya haska tocila daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen, yadda kowane harafi zai yi inuwa. Bayan hoton kusa, ka ƙara ɗaya daga nesa wanda ya nuna injin gaba ɗaya, ta yadda mai shago zai ga fasalin kan silinda da kafireta.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto, ƙananan haruffa su dushe. Ka tura shi a matsayin Document. Sannan ka rubuta lambar da hannunka a ƙarƙashin hoton, tunda kai ne a gaban injin. Haruffan da suka fi rikita mutane su ne 8 da B, 0 da D, 5 da S, 1 da I. Mafi haɗari shi ne 6 da 8: 168F da 188F harafi ɗaya ne ya raba su, amma na biyun ya kusan ninka na farkon a girma, haka 186F, wanda shi ba na fetur ba ne sam, na dizal ne.

Na ga 168F. Me wannan lambar take faɗa?

Masana'antun Sin suna da tsarin da suke bi wajen sa wa inji lamba, kuma da zarar ka gane shi rabin aikin ya ƙare. Lambar farko yawan silinda ce, 1 ke nan. Biyun da ke biye faɗin ramin silinda ne a milimita, wato 68. F kuma na nufin iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba.

Yawancin waɗannan injuna an kwaikwayi tsarin Honda GX ne, shi ya sa kayansu ke shiga juna. 168F shi ne kwatankwacin GX160 da GX200. 177F kwatankwacin GX270 ne, mai 270cc. 188F kwatankwacin GX390 ne, mai 389cc, wanda ke cikin janaretocin kilowat 5 zuwa sama, 190F kuma ɗan'uwansa ne da aka ƙara wa faɗi. Mai shago da ya san aikinsa, da ya ji 168F ya san durowar da zai buɗe.

Ƙaramin janaretan nan na masu shayi da masu cajin waya, wanda ake haɗa masa baƙin mai cikin fetur, lambarsa 1E45F. Harafin E da ya shiga tsakiya alama ce ta inji mai bugu biyu, faɗin silindarsa milimita 45, girmansa 63cc. Ba ya da bawul a kan silinda, kuma babu abin da ya haɗa kayansa da na 168F.

168F, 168F-1 da 170F: kayansu ɗaya ne?

A nan ne kuɗi suka fi salwanta, don haka bari a tsaya a kai.

168F zalla yawanci 163cc ne. Wanda aka ƙara wa wutsiya, 168F-1 ko 168F-2 ko 168FB, yawanci 196cc ne. Faɗin silindarsu ɗaya, 68, abin da ya bambanta shi ne nisan tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa: milimita 45 a ƙaramin, 54 a babban. Kana iya tabbatar da haka da lissafi, a santimita:

```
0.7854 x 6.8 x 6.8 x 4.5 = 163
0.7854 x 6.8 x 6.8 x 5.4 = 196
```

Tunda nisan tafiyar daga kiranshaf yake fitowa, kiranshaf ɗinsu ba ɗaya ba ne, ko da a ido sun yi kama. Amma koyil ɗin wuta, fulogi, boris ɗin kiranshaf da sil ɗinsa, duk suna shiga juna. Matsalar wutsiyar ita ce kamfanoni ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Abin da wannan ya kira -1, wancan -2 yake kiransa. Haka haruffan da ke zuwa bayan F, irin su D ko E: wani wurin suna nufin injin janareta ne, wani wurin mai tashi da makulli. Don haka wutsiyar ba hujja ba ce ita kaɗai, a haɗa ta da adadin cc.

170F kuma faɗinsa 70 ne, girmansa 208cc ko 212cc, gwargwadon ko tafiyar 54 ce ko 55. Daga waje ba ka bambanta shi da mai 196cc: firam ɗaya, sitata ɗaya, kafireta tana hawa kan noti ɗaya. A ciki kuwa fistin, ringi da gasket ɗin kan silinda duk daban ne. Kuma akwai injin dizal da shi ma ake kira 170F, saboda haka idan kana yin oda ta waya ka ambaci fetur da bakinka.

Sitika ta ce 6.5HP, wata ta ce 7.5HP. Ba zan iya yin oda da wannan ba?

Za ka iya samun fulogi da shi. Abin da ya wuce haka, a'a. Adadin doki shi ne rubutun da ya fi kowanne sauƙin ƙari, domin ba mai auna shi a kasuwa. Inji guda mai 196cc ana iya ganinsa da 6.5 a wannan shagon, 7 a na gaba. Amfaninsa kawai ya nuna maka gida: 5.5 zuwa 7.5 gidan 168F da 170F ne, 13 zuwa 16 gidan 188F da 190F.

Akwai wata hanyar tantancewa daga farantin wuta. Doki 6.5 bai kai kilowat 5 ba ko a takarda, kuma a gudun 3600 ake ƙiyasta shi, alhali janaretanmu a 3000 yake gudu, ga asarar da ake yi wajen mayar da juyi wuta. Shi ya sa janaretan da ke kan wannan gidan yake tsayawa tsakanin kilowat 2 da 3. Idan ka ga ɗan ƙaramin inji mai shan baƙin mai lita 0.6 amma tanki na cewa kilowat 5, ka bi girman injin. Na gidan 188F lita 1.1 yake sha.

A ba ni misali daga hoto har zuwa sayen kaya.

A ce wani mai shagon ɗinki janaretansa yana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, yana shan baƙin mai, igiya kuma ta yi sako-sako a hannu. Bakanike ya ce ringi ne. Mai shagon ya tura hotuna biyu. Na farko farantin firam:

```
Rated Power    2.8kW
Rated Voltage  230V
Frequency      50Hz
```

Na biyu murfin fanka, an rubuta 6.5HP da 196cc. Da waɗannan kaɗai, kusan kowane mai shago zai ɗauko ringi mai 68 da gasket ɗinsa ya ɗaure. Amma akwai abin da ya kamata ya sa a dakata. Kilowat 2.8 na aiki na yau da kullum ya ɗan yi wa mai 196cc yawa, an fi ganinsa a kan 170F. Wannan ba hujja ba ce, tunda faranti ma yana ƙari, amma ya isa a nemi hoto na uku. Aka goge ƙasan bulok, aka haska tocila, sai ga 170F. Murfin fankan na wani injin ne.

Da an kawo mai 68, ga abin da zai faru. Ringi idan aka tura shi cikin silinda shi kaɗai, ana so tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu ta kasance wajen milimita 0.2 zuwa 0.4. Bambancin milimita 2 a faɗi yana zama fiye da milimita 6 a kewaye. Wato ringin 68 a cikin ramin 70 bakinsa zai buɗe har ka iya zura sukundireba. Wannan bakanike zai gani nan take. Wanda ba a gani da wuri shi ne gasket: ramukan notinsa za su zauna daidai, sai dai bakinsa zai leƙo cikin ɗakin wuta da milimita ɗaya ta kowane gefe, ya ƙone a hankali, bayan ɗan lokaci injin ya fara hura iska ta kai.

Sanin 170F ma bai rufe maganar ba. Ringi yana da kauri iri-iri a faɗi ɗaya: akwai mai kauri wajen milimita 1.5, akwai siriri wajen 1.0, kuma lambar inji ba ta faɗin wanne ke ciki. Siririn ringi a cikin faffaɗan ramin fistin zai riƙa rawa yana tura mai sama, mai kauri kuma ba zai shiga siririn rami ba. Sannan saman fistin wani a shafe yake, wani da ɗan kwari. Don haka mataki na ƙarshe shi ne bakanike ya ciro fistin, a auna faɗinsa da kaurin ringin da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu na auna faɗi da kauri, a ɗauki hoton samansa. Ni shawarata a irin wannan hali a sayi fistin da ringi da fil ɗinsu a kwali ɗaya. Ƙarin kuɗin bai kai na sake buɗe inji ba. Odar da ta cika ita ce: 170F na fetur, fistin 70 da ringinsa, gasket ɗin kai na 70, ga hoton tsohon.

A duba cikin silindar ma kafin a biya. Idan farce yana maƙalewa a wani zane, ko akwai tudu a saman inda ringi ke tsayawa, sabon ringi ba zai hana hayaƙi ba.

Kafireta fa? An ce min duk na 168F ɗaya ne.

Wajen hawa kan inji, kusan haka ne: tazarar notinta biyu wajen milimita 43 ce a duk gidan. Amma inji ɗaya ana saka shi a janareta, ana saka shi a injin ban ruwa da injin niƙa, kuma kafiretarsu ta bambanta. Ta injin ban ruwa tana da famfon rufe mai a jikinta, da ɗan kofin tara datti, domin tankinta a kan inji yake. Ta janareta ba ta da shi, bututu ne kawai ke karɓar tiyo daga babban tanki, famfon yana can ƙarƙashin tankin. Hannun cok ma ya bambanta, kuma idan bai dace da akwatin matatar iska ba, ko dai ya ƙi rufuwa ko murfin ya danne shi.

A manyan injuna, 188F da 190F, abu biyu ake dubawa. Na farko, ko akwai wata 'yar na'ura mai waya a ƙasan kofin kafiretar. Aikinta ta toshe mai idan an kashe makulli, don kada salansa ta yi harbi. Na biyu, ko cok ɗin na hannu ne ko mai buɗe kansa da tsotson iska, wanda za ka gane da wani ɗan faifai mai siririn tiyo a sama.

Jikin kafiretar kansa yana ɗauke da suna, sau da yawa Huayi ko Ruixing, a Honda na asali kuma Keihin. A na Huayi akan ga lamba irin P19 a ƙananan, P27 a manyan. Hoton wannan rubutun, da hoton kafiretar ta gaba da ta sama, sun fi hoton lambar inji amfani a nan. Idan sabuwar ta hau amma injin yana ta hawa da sauka shi kaɗai, yana daidaita sai an ɗan ja cok, mai ne ke masa kaɗan: ko jet ɗin na ƙaramin inji ne, ko gasket ɗin bayan kafireta yana shan iska.

Injin yana tashi lafiya amma ba wuta. Lambar injin za ta taimaka?

Kaɗan ƙwarai. Wannan matsalar ɓangaren wuta ce, sai a kwance murfin baya, noti biyu ne yawanci, a ɗauki hoton abin da ke ciki. Iri biyu za ka tarar.

Idan ka ga burushin kabon guda biyu suna gogar zobban tagulla, da wani baƙin abu mai siffar jinjirin wata ko mai kusurwa huɗu da wayoyi ke fita daga cikinsa, wannan AVR ne. Ana daidaita shi da abu huɗu: siffarsa da tazarar ramukan notinsa, yawan wayoyi, fasalin soket ɗinsa, da rubutun da ke jikin kafaston da ya leƙo daga cikinsa. Wanda aka fi gani a masu layi ɗaya yana da waya shida, huɗu a soket, biyu zuwa burushi. A na kilowat 2 zuwa 3 akan ga 250V 220uF, a na kilowat 5 zuwa sama 250V 470uF. Na janareta mai layi uku wayoyinsa sun fi yawa, kuma ba ya maye gurbin wancan. Wayoyin burushi biyun suna da + da -, ka ɗauki hotonsu kafin a cire.

Idan babu burushi sam, sai kafasto guda mai waya biyu, kamar yadda yake a ƙaramin mai bugu biyu, to lambar uF da ke jikinsa ake bi daidai. Wanda ya fi shi girma yana ɗaga wuta ya ƙona kaya, wanda bai kai ba yana rage ta. Lambar bolt ɗinsa kuwa tana iya fin ta tsohon, amma kada ta gaza. Kafasto yana riƙe wuta bayan an kashe inji, kada a taɓa bakinsa da hannu.

Kafin a sayi AVR a duba burushin. Shi ne mafi arha a wurin, kuma sau da yawa shi ne ya cinye.

A jikin injin an rubuta 3600rpm, a farantin wuta 50Hz. Wanne ne daidai?

Duka biyun. 3600 gudun da aka ƙiyasta ƙarfin injin ne a masana'anta. Janareta mai 50Hz, irin wanda Najeriya da Nijar ke amfani da shi, an saita gwamnansa, wato abin da ke riƙe gudun injin, a kan 3000. Inda za a kula shi ne janaretan da aka shigo da shi na hannu daga Amurka, mai 60Hz da 120/240V. Shi a 3600 yake gudu da gaske. Fistin da gasket ɗinsa na gidansu ne kamar kowa, amma sifirin ɗin gwamna da kayan ɓangaren wuta sai an faɗa wa mai shago 60Hz ne.

Nawa Honda ne na asali. Akwai bambanci wajen nema?

Akwai, kuma ya fi sauƙi. Honda tana buga lambar da ke farawa da haruffa huɗu ko biyar, na farkonsu GC a wannan jerin, sai layi, sai lambobi bakwai. Kusa da ita akwai wasu haruffa na nau'in inji. Da waɗannan biyu dila zai iya buɗe littafin kaya ya fito da lambar kayan daidai. Harafin farko na nau'in yana nuna bakin kiranshaf: Q da S miƙaƙƙu ne masu ramin makulli, V mai tsini ne, wanda amecar janareta, wato abin da ke juyawa a cikin ɓangaren wuta, ke hawa. Wanda ya sayi kiranshaf ko inji sukutum mai miƙaƙƙen baki don janareta, ba yadda za a yi ya ɗaura shi. Masu tsinin ma tsawonsu da kaurinsu ba ɗaya ba ne, sai an gwada da tsohon.

Wani tarko yana cikin sababbin GX390: koyil ɗinsu mai soket ne na zamani, yana tafiya da nasa fulawil. Koyil ɗin 188F na kasuwa na tsohon tsari ne. Idan kuma jikin murfi ya ce GX amma ƙarfe ya ce 168F, injin Sin ne, a saya masa kaya a matsayin haka.

Lambata ba ta cikin waɗanda aka ambata.

Ba kowane inji ne ɗan gidan Honda ba. 166F da 185F tsarin Yamaha suka bi, MZ175 da MZ360. 167F tsarin Robin EY20 ne, mai bawul a gefe. 152F da 154F ƙanana ne na janaretocin wajen kilowat ɗaya. Kusancin lamba ba kusancin kaya ba ne: 166F da 168F milimita biyu ne tsakaninsu, amma kafireta, koyil da gasket duk kowa da nasa.

Janaretocin inbata, masu rufaffen jiki da ƙaramin sauti, su ma a ware su. Kafiretarsu tana da ƙaramar mota a kai da ke sarrafa gudu, kuma akwatin lantarkinsu na samfurin ne kaɗai. A nan cikakkiyar lambar samfurin janaretan ita ce abin nema.

Lambar ta goge gaba ɗaya, ko ba a taɓa buga ta ba. Shi ke nan?

A'a, kayan da kansu suna magana. Boris yana da lamba a gefensa da duk duniya ta sani: 6205 a kiranshaf ɗin gidan 168F, 6207 a na 188F. Sil ɗin mai yana ɗauke da awonsa a jikin roba, misali 25x41.25x6, wato rami, faɗin waje, kauri. Da waɗannan ko shagon kayan babur ko na boris zai iya duba maka, ba sai na janareta ba. Fulogi ma haka: F6RTC ko F7RTC ko F7TC a injunan Sin, BPR6ES na NGK a Honda, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Abin kiyayewa tsawon zaren ne, milimita 19. Gajere yana barin zaren kan silinda ya cika da baƙi, har daidai ɗin ya ƙi shiga daga baya.

Idan an buɗe kai, awon ramin silinda da baniya zai ba ka lambobin tsakiyar nan biyu da suka goge. A juya fulawil fistin ya sauka ƙasa, a auna zurfin, a juya ya hau sama, a sake aunawa, bambancin shi ne tafiyar. 68 da 54 ya fito, ka san 196cc ne ko babu rubutu ko ɗaya.

Sitata kuwa lamba ba ta taɓa wadatarwa a kanta. Haƙoran da ke fitowa idan an ja igiya wasu sandunan ƙarfe ne, wasu faffaɗan roba, kuma kowanne da irin kofin da yake kamawa a jikin fulawil. A juya tsohuwar a ɗauki hoton cikinta, a ɗauki na kofin. Idan irin taka ba ta samuwa, a sayi sitata da kofinta tare.

Me zan nema daga mai shago kafin ya saka kaya a mota?

Ya turo maka hoton ainihin kayan da zai ɗaure, ba na kwali ba, a ajiye kusa da rula ko tef ɗin awo. Kai ma ka ajiye tsohon naka kusa da rula ka ɗauka ta fuska ɗaya, ka gwada hotunan biyu: ramukan noti, inda tiyo ke shiga, yawan wayoyi, bakin soket. Kwalayen kasuwa sukan jera samfura biyar ko shida a gefe ɗaya, GX160, GX200, 168F, 170F, kamar duk abu ɗaya ne. Ga koyil wannan jerin yakan yi daidai. Ga fistin, ringi, gasket ɗin kai da kiranshaf ba zai yiwu ya yi daidai ga dukkansu ba, don haka a sa shi ya buɗe kwalin ya auna.

Ku yi maganar canji tun kafin kuɗi su fita. Masu shago da yawa ba sa karɓar kayan lantarki irin AVR da koyil idan an riga an jona su, haka gasket da aka ɗaure. Idan kayan sun iso, a gwada su da tsohon a hannu, gefe da gefe, kafin a yage leda ko a ɗaura sifana.